Abin da ke sa jan rubutu ya jeme a bidiyo

Masu haɗa bidiyo, ba kyamararku ce ke dusasar da jan rubutu ba. Yawancin bidiyon intanet ana ajiye su ne da tsarin 4:2:0, wanda ke bai wa kowane ɗigon hoto nasa hasken, amma ɗigo huɗu su yi tarayya a launi guda, tunda idon mutum ya fi gane bambancin haske. A hoton 1920×1080, launi 960×540 kawai yake samu. Ja ba shi da haske sosai, don haka idan aka ɗora shi a kan baƙi ko shuɗi, launin nan da aka rage shi ne ke zana gefen haruffan, sai su jeme. Ku kaurara haruffan, ku zagaye su da fari, domin ko kun fitar da bidiyon da tsarin 4:4:4, wanda ba ya rage launi, yawancin shafuka kan mayar da shi 4:2:0.