Yadda na gyara cajin waya da sola a shagon Sabon Gari

A da, batirin 12V 100Ah kan mutu kafin magariba, alhali waya 30 kawai ake caji a yini. Kowace na cin kamar 15Wh, jimla 450Wh ke nan, kuma farantin sola mai 150W ya isa.

Inbata, na'urar da ke juya wutar batiri zuwa irin ta gida, ita ce ɓarauniyar. Tana kunne tun safe, tana shan kusan 20W ko babu waya a jone. Awa 12 ya zama 240Wh a banza. Na cire ta, na sa na'urorin caji na USB masu karɓar 12V kai tsaye daga kwantirola mai daidaita cajin batiri, da fis 15A kusa da batiri.

Ƙurar hunturu ma tana rage wuta sosai, shi ya sa ake goge farantin kowace safiya. Yanzu batirin na kwana a 12.4V.