Kurakuran da masu shan maganin ciwon damuwa ke yi wajen ajiye shi

Cikin wata biyu mutum uku suka same ni da magana iri ɗaya, wai sun ji sauƙi sun ajiye maganin ciwon damuwarsu, yanzu jiri ya hana su sakat. Ni ma na taɓa yi kuma na ji a jikina, shi ya sa na ce bari in rubuta ko na huta da maimaitawa.

Babban kuskuren shi ne ajiye maganin farat ɗaya. Ni sertraline nake sha, miligiram 100 kullum da safe, na kai wajen shekara ɗaya da wata biyu a kai. Barci ya dawo, cin abinci ya dawo, na koma shago, sai na ce to me ya rage, ranar da kwalin ya ƙare ban sake saye ba. Kwana biyun farko lafiya lau. A rana ta uku ina sunkuyawa zan ɗauko bandir ɗin atamfa sai na ji wani abu zuut a cikin kaina kamar wayar lantarki ta ja ni, kuma duk sanda na juya ido gefe da sauri sai ya sake. Daga nan sai jiri, tashin zuciya, gumi cikin dare, mafarkai masu firgitarwa, ga saurin fushi, har ɗana ɗan shekara huɗu na daka wa tsawa saboda ya zubar da shayi, yaron ya kwana biyu yana raɓewa idan ya gan ni. Wannan har yau yana min ciwo.

Na je kemis aka ce maleriya ce, na sha magani, aka ce taifot na sha wani. Umma kuwa cewa ta yi "kai wannan ba na asibiti ba ne, iska ce". Sati biyu ina wannan hali kafin na koma wajen likitana, tambayarsa ta farko ita ce "Malam yaushe rabonka da maganin?" Ya mayar da ni kai, kafin kwana uku jan lantarkin ya ɗauke.

Yadda ya min bayani, irin wannan magani yana hana jijiyoyin ƙwaƙwalwa saurin kwashe wani sinadari da ake kira sirotonin, kuma da tafiya ta yi nisa ƙwaƙwalwa tana gyara zamanta daidai da haka. In ka janye shi farat ɗaya, maganin zai fice daga jini cikin 'yan kwanaki amma ita ƙwaƙwalwa tana bukatar makonni kafin ta sake saiti, wannan giɓin shi ne wahalar. Shi ya sa masu saurin fita daga jiki irin paroxetine da venlafaxine suka fi azabtarwa, wani ma kwana ɗaya ya tsallake zai ji, fluoxetine kuwa yana daɗewa a jiki sosai sai alamun su zo da sauƙi ko su makara. Amitriptyline da ake yawan bayarwa a nan shi ma ba a yanke shi haka.

Na biyun da ya fi ba ni haushi, mutum ya ji waɗannan alamu sai ya yanke hukunci da kansa, ko ya ce ciwon ne ya dawo ke nan shi da magani har abada, ko ya ce ai ya zama ɗan ƙwaya. Dan Allah ku daina. Mai shan tiramol yana neman maye ne kuma kullum ƙari yake so, kai kuwa ka taɓa jin kwaɗayin ƙara maganinka? Bambance wahalar janye maganin da dawowar ciwo kuma akwai alamu. Na janyewa yana farawa cikin kwanaki kaɗan bayan ka daina ko ka rage, yana zuwa da abubuwan jiki da ba ka san su ba a ciwonka na farko kamar jirin nan da jan lantarki, kuma in an mayar da maganin yakan lafa cikin kwanaki. Ciwon asali yawanci sai bayan makonni ko watanni yake lallaɓowa a hankali da kamanninsa na da, rashin jin daɗin komai, nauyin zuciya, gudun mutane.

Sai maganar ragewar kanta. Likitoci sukan so mutum ya ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan ya warware kafin a fara zancen ragewa, wanda ciwon ya sha dawo masa ya fi haka. Ni bayan na daidaita ga yadda muka tsara, ƙwayar tawa mai 50 ce mai tsaga a tsakiya. Daga biyu muka koma ɗaya da rabi wato 75, sai ɗaya, sai kashi uku cikin huɗu, sai rabi wato 25, sai kwata, kowane mataki sati huɗu. Daga 100 zuwa 50 ban ji komai ba, har na fara cewa likita yana ɓata min lokaci. Amma da na sauka daga rabi zuwa kwata, ɗan gutsuren da bai kai ƙwayar dawa ba, jiri ya dawo a kwana na huɗu. Muka koma rabi na ƙara wata guda sannan muka sake gwadawa ya wuce. Duka abin ya ci wajen wata shida.

A nan mutane ke faɗawa, suna ganin ƙarshen shi ne mai sauƙi tunda maganin ya zama kaɗan. Alhali ɗan ƙaramin awon nan shi ke yin kaso mai yawa na aikin a ƙwaƙwalwa, sauka daga 25 zuwa babu ya fi sauka daga 100 zuwa 75 girgiza jiki nesa ba kusa ba. Don haka ana lissafin ragin ne da abin da kake sha yanzu, kwata ko rabinsa, matakan suna ƙara ƙanƙancewa. Wanda ya shekara da shekaru a kai ko ya taɓa wahala, wani lokaci kashi 10 cikin 100 ake rage masa, in ana samun na ruwa a yi amfani da sirinji wajen awo. Wannan jadawalin nawa ne fa, kar wani ya kwafa, naka likitanka ne zai tsara da kai.

Sauran a gurguje. Sha yau ka tsallake gobe ba ragewa ba ne, wasa kake da awon maganin a jini, ban da fluoxetine da likita kan iya yarda. Kafso ko ƙwaya mai sakin magani a hankali ba a daka ta ko tauna ta. Azumi bai sa a daina ba, tambayi likita a mayar da shi sahur ko buɗa baki. Mace ta ga ciki kar ta jefar da shi ranar, ta je asibiti tukuna. Addu'a da ruƙiyya ba sa faɗa da magani, a haɗa. Kar ka fara ragewa ana tsakiyar hidimar biki ko jarrabawa ko rasuwa. Ni al'adata in saura na sati ɗaya nake sayen wani, don yankewar kuɗi ko rashin magani a kemis ma dainawa ce ta farat ɗaya, jiki bai san dalilinka ba. Kuma ina da ƙaramin littafi, kullum bayan isha'i in rubuta awon da na sha da yadda na kwana da ko an yi jiri, shi nake kai wa likita.

Idan kuwa a cikin ragewar tunanin kashe kai ya zo maka, ko ka kasa zama wuri ɗaya jikinka na ta azalzala, ko ka kwana biyu uku ba barci amma kana jin ƙarfi da surutu fiye da kima, wannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne, ka faɗa wa wani na kusa da kai ya raka ka asibiti a ranar.