Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta inda aka ɗauki tsohon hoto

Duk tsohon hoton marina da ya faɗo hannun Bakano, kafin ya gama kallo ya riga ya rubuta "Ƙofar Mata" a ƙasansa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi damuna, domin sunan da ya fi shahara ne yake janye kowane hoto zuwa wajensa. Birnin Kano kuwa ba karofi ɗaya gare shi ba a da, akwai na Zage da wasunsa, ga kuma garuruwa irin su Kura da suka yi suna a rini. Ramin baba da marini riƙe da muciya kusan kamarsu ɗaya a ko'ina.

A ce ga hoto a hannunka: ramukan rini, marina uku, wata doguwar katangar ƙasa a bayansu, a bayan takardar kuma an rubuta "Kano" da fensir. Mutane da yawa sukan kwafe wannan rubutu kamar hujja ce yankakkiya. To, wa ya rubuta, kuma yaushe? A zamanin Turawa "Kano" tana iya nufin birni, tana iya nufin lardi baki ɗaya, tana iya zama garin da aka wanke hoton ko aka aika shi kawai. Gyaran shi ne ka faɗi rubutun a matsayinsa na rubutu: "an rubuta Kano a bayan hoton". Mai karatu zai san daga ina ka samo sunan.

Daga nan sai ka koma cikin hoton kansa, nan ne aikin yake. Katangar nan, ganuwa ce ko katangar gida? Ganuwa tana da kauri a gindi, tana sirancewa a sama, kuma ta fi ɗakunan da ke kusa da ita tsayi nesa ba kusa ba. Idan ita ce, marinar tana gefen gari kenan, abin da ya dace da Ƙofar Mata, bai dace da karofin da ke tsakiyar unguwanni ba. Amma Zariya da Katsina ma suna da ganuwa, don haka wannan shaida ƙarfafa zato take yi, ba ta yanke hukunci. Sai ka duba nesa ko dutse ya fito. Mutane kan kira kowane tudu Dala, alhali ga Goron Dutse can yamma da ita. In hasumiyoyi biyu na Babban Masallacin Juma'a sun bayyana, ka samu Kano tabbas, ka kuma san hoton bai girmi wannan gini ba, wanda aka kammala a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ka kiyaye da wani abu guda: a wajen wanki akan juya fim, dama ta koma hagu. Kafin ka ce dutsen yana dama da ƙofa, nemi rubutu a jikin allo ko lambar mota ka ga ko a juye suke.

Wasu kuma tsoron kuskure yakan sa su rubuta "wani wuri a Arewa", su zubar da duk abin da suka gano. Ɗan'uwan wannan shi ne sa "wataƙila" ɗaya a farkon jimla ta rufe komai, mai karatu ya rasa ko garin ake shakka ko unguwar. Shakka a kan kalmar da take ya kamata a ɗora ta, tare da dalilinta. A misalinmu, inda ba dutse ba masallaci, ga yadda zan rubuta:

"Marina suna aiki a bakin ramukan rini. An rubuta Kano da fensir a bayan hoton, ba a san wanda ya rubuta ba. Mafi rinjayen zato marinar Ƙofar Mata ce, saboda katangar da ke baya ta yi kama da ganuwa, amma babu ƙofa ko wani sanannen gini a hoton da zai tabbatar."

Idan ka kai wa wani dattijo ya ce, "Yaro, ai nan Ƙofar Mata ce, a nan na tashi," maganarsa tana da nauyi, kada ka yar da ita. Tambaye shi, "Baba, da me kuka gane?" In ya nuna bishiya ko kwanar katanga, sai ka ƙara a rubutun cewa wani dattijon unguwar ya shaida wurin da wannan alama, ka sa shekarar da ya faɗa maka. Kalmar "zato" kuwa ka bar ta inda take har sai ka samu wani hoton mai tabbataccen wuri da ya nuna wannan kwanar.