Kurakuran masu turaren wuta wajen hawa sautin da ke tashe a TikTok

Ƙanwata tana haɗa turaren wuta da humra a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Ta ɗora bidiyo da wani sauti da ake yayi, mutane suka kalla sosai, amma ko mutum ɗaya bai tambayi kuɗin kwalba ba. Da muka zauna muka duba, sai muka ga inda gizo ke saƙar.

Kusan duk sautin da ke tashe yana da gaɓar da kiɗa ke juyawa, kuma nan idon mai kallo yake jira. Nata sautin daƙiƙa 12 ne, yana juyawa a ta 7. Ita kuwa a daidai nan ta nuna fuskarta, kwalbar ba ta fito ba sai a daƙiƙa ta 11, lokacin da jama'a sun riga sun wuce. Sai muka sake ɗauka. Daga farko zuwa daƙiƙa ta 6, kasko ne da garwashi, da rubutu: "Baƙi sun iso, ɗaki na warin girki." Kiɗa na juyawa, hannunta ya zuba turare, hayaƙi ya tashi, kwalba ta bayyana da farashi, naira 3,500, da sunan unguwa. Kafin ki ɗauki naki, saurari sautin sau uku, ki ƙirga inda yake juyawa, ki ajiye hajarki a wurin.

Rubutun ma akwai inda ake sa shi. Ƙasan allo da gefen dama maɓallan TikTok ne ke rufe su, don haka ki ɗaga farashi zuwa tsakiya.

Wani kuskuren shi ne sauke bidiyon wani a ciro sautin a liƙa. Sau da yawa hakan na raba bidiyonki da shafin sautin, masu bibiyarsa ba za su gan ki ba. Taɓa sunan sautin a ƙasa, ki danna Use sound. Amma kafin ki danna, buɗe bidiyoyi kaɗan a shafin sautin ki duba kwanan wata. In duk na watan jiya ne, yayin ya wuce. In kuma asusunki Business Account ne, waƙoƙin Commercial Music Library, wato waɗanda TikTok ya yarda a yi talla da su, kaɗai aka ba ki, shi ya sa wasu sautukan ba sa fitowa.

Abin da ya fi damuna shi ne baitin waƙa. Wasu sautukan habaicin kishiya ne, wasu batsa ce a lulluɓe. Masu sayen humra iyayen amare ne da matan aure, kuma a Katsina an san 'yar gidan wane ce ke. Ƙanwata yanzu sai ta kunna wa Inna sauti tukuna. In Inna ta ɓata fuska, a nemi wani.