Darasi na 6: Zaɓen wasan da kwamfutarka za ta iya ɗauka

Sabon mai haɗa bidiyon wasannin kwamfuta yakan fara da wasan da ya fi tashe, kwamfuta kuma ta kasa. Aiki biyu take yi lokaci guda: tana tafiyar da wasan, tana kuma matse hotonsa ya zama bidiyo. In wasan ya cinye ƙarfinta duka, kai kana ganin komai daidai, amma bidiyon zai fito yana tsinkewa.

Mu ɗauki mai koyo a Garwa. Kwamfutarsa ta hannu ce, Core i5, RAM giga 8, babu katin hoto na daban. Matasan unguwarsu Free Fire suke so, da ƙwallo. Free Fire wasan waya ne, sai an sa manhaja irin BlueStacks kafin ya tashi a kwamfuta, ita kuma tana cin RAM sosai. GTA V ya yi wa wannan na'ura nauyi idan ana ɗauka. Tsohon wasan ƙwallo kamar PES 2017 ya fi sauƙi, ga shi mutanenmu ba sa gajiya da kallon ƙwallo, musamman in ana sharhi da Hausa. Shawararmu ya fara da shi.

Kada dai ka yanke hukunci sai ka gwada. Buɗe OBS Studio, manhajar ɗaukar bidiyon allon kwamfuta, sa girman hoto 1280x720, hotuna 30 a daƙiƙa. Wajen zaɓen abin da zai matse bidiyon, ɗauki QuickSync in akwai, domin ɗaya zaɓin, x264, kan ɗora nauyin duka a kan CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, wadda wasan ma yake buƙata. A cikin OBS ɗin shiga View, danna Stats, ka yi wasa na minti 20 kana ɗauka, a wurin da aka fi cunkoso da gudu. Minti 5 bai isa ba, don a zafin Afrilu kwamfuta kan yi kyau da farko, in ta ɗau zafi sai ta rage gudu da kanta.

Layi biyu za ka duba. In lambar "Frames missed due to rendering lag" tana hawa, wasan ne ya cinye ɓangaren hoto: rage ingancinsa, kashe inuwa, ka ƙayyade gudunsa. In kuwa "Skipped frames due to encoding lag" ce, matsewar ce ta gagara: rufe sauran manhajoji, ko ka rage girman bidiyon. In ka yi duka lambobin ba su tsaya ba, canza wasan.

Mai son watsawa kai tsaye ya lissafa data. In gudun aika bidiyon 2500 Kbps ne, awa ɗaya tana cin fiye da giga 1. Inda intanet ke rawa, gara ka ɗauka tukuna, ka yanke, ka ɗora daga baya.