Ɗinkin Sallah da sunan tela

'Yan'uwa teloli na Damagaram, mu yi hattara da karɓar ɗinkin Sallah. Idan kana iya gama riga 3 a yini kuma saura kwana 20, iyakarka 60 ke nan. Karɓi 50 kawai, saboda ɗaukewar wuta da gyare-gyare.

Sauran fa? Kada ka ce “kawo mu gani”. Tura su wurin telan da ka yarda da hannunsa, ka kira shi a gabansu. Gobe idan ya samu kwangilar kayan makaranta da ta fi ƙarfinsa, kai zai nema.

Magidancin da ya karɓi kayan iyalinsa tun kafin jajibere, baɗi ko ka ƙara masa jaka guda a kan kowace riga, da wuya ya yi ciniki. Shi ne kuma zai kawo maka abokansa na kasuwar Dole.