Kurakuran da ake tafkawa wajen yi wa tibi afdet

Watan jiya ƙanina dake Pantami ya kira ni wai tibinsa ta tsaya a tambarin kamfani, ta mutu ta kunna ta mutu ta kunna. Da na tambaye shi sai ya ce tana cikin afdet ne aka ɗauke wuta. To wannan shine babban kuskuren da muke yi a nan Gombe, kuma yawanci ba mutum ne ya fara afdet ɗin ba, tibin ce ta fara da kanta saboda an bar Auto Update a kunne.

Afdet kashi biyu ne. Akwai saukewa, wannan ko wuta ta tafi ba matsala zata sake. Sai kuma sakawa, lokacin da take goge tsohon tsari tana rubuta sabo, nan ne haɗarin yake, in wuta ta yanke a tsakiya wata tibin tana farfaɗowa wata kam sai an kai wa mai gyara ya sake rubuta mata, in ba'a yi sa'a ba sai canjin bod. Ta ƙanina kwana 4 tayi a shago.

Shi yasa ni a ganina in kana da sola ko inbata da waifai na gida, bar Auto Update a kunne abinka. Amma in wutar gari ka dogara da ita kuma hotsfot ɗin wayarka kake jona mata, kashe shi. Fayil ɗin yakan kai ɗaruruwan MB, wani ya haura 1GB, ka sa data da yamma ka wayi gari babu. A Samsung ka shiga Settings > Support > Software Update, a nan zaka ga Auto Update, LG ma kusan hanyar kenan.

Sai dai wasu in sun kashe shikenan sun manta shekara biyu, sai YouTube ya fara tsayawa ko ya ƙi buɗewa su ce tibi ta tsufa. A'a malam, duk wata 2 ko 3 ka shiga ka danna Update Now da hannunka, lokacin da ka san akwai isasshen mai a inji ko batirin sola a cike yake.

Kuma don Allah in allo yayi baƙi kar ka zare soket, da yawa da hannunsu suke kashe tibinsu. Tana iya mutuwa ta kunna kanta, ka bata ko minti 30 ne, ka hana yara taɓa rimot.

Masu yi ta filashi kuma, ku duba lambar samfurin dake maƙale a bayan tibin, harafi ɗaya in ya bambanta ba fayil ɗinku bane. A shafin kamfanin za'a sauke, a warware shi, in Samsung ce a ajiye a farkon filashin ba cikin wata folda ba, in LG ce kuma a cikin folda mai suna LG_DTV, in ba haka ba tibin zata ce bata ga komai ba. Kuma yawancinsu in sabo ya hau ba'a komawa tsoho.